Lissafin Zanen Lantarki: A Fara Bin Waya Kafin a Ɗauki Biro

A takardar aikin fiziks ta 'yan babbar sakandare, da kuma jarrabawar WAEC da NECO, ba a rasa wani zane mai layuka miƙaƙƙu da 'yan akwatuna, an rubuta lambobi a gefensu. A ƙasa sai tambaya ta ce a nemo yawan wutar da ke gudana, ko ƙarfin da ya faɗa kan wani akwati. Yara da yawa sun haddace dokar lissafin tsaf, amma suna faɗuwa a nan. A ganina, matsalar tana wajen karanta zanen. Yaro yakan yi hanzarin cusa lambobi cikin doka tun bai gane wace hanya wutar ke bi ba.

Zanen ba hoton kayan ba ne, taswirar haɗi ce kawai. Layi miƙaƙƙe waya ce, kuma a lissafi ana ɗauka ba ta hana wuta wucewa ko kaɗan, komai tsawonta ko lanƙwasarta a takarda. Batir layuka biyu ne a tsaye, dogo da gajere, dogon shi ne ɓangaren + . Ɗan akwati, ko layi mai zarto a wasu littattafan, shi ne abin da ke yi wa wuta turjiya, wanda masu gyaran rediyo ke kira rizisto. Da'ira mai harafin A awon gudun wuta ce, mai harafin V kuma awon ƙarfi. Inda aka ɗiga baƙin ɗigo a mahaɗar layuka, nan wayoyi suka haɗu, nan kuma wuta ke rabuwa ko ta sake gamuwa.

Abubuwa uku ake aunawa. Akwai ƙarfin da batir ke tura wuta da shi, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na mota bolt 12. Akwai yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya a kowace daƙiƙa, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Sai turjiya, da ake aunawa da om, alamarta R. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa dangantakar ukun a shekarar 1827, kuma ita ce dokar da kowa ke haddacewa: V = IR. Abin da ba a cika nanata wa yara ba shi ne, haruffan nan uku dole su kasance na abu ɗaya. Idan R ta akwati ɗaya ce, to V ma ta wannan akwatin ce, haka ma I. Idan V ta batir ce, to R ta dukan haɗin ce baki ɗaya. Gwama V ta batir da R ta akwati guda shi ne tushen yawancin amsoshin da ake sokewa da jan biro.

Haɗi iri biyu ne. A haɗin jere, wanda malamai ke cewa siris, hanya ɗaya ce tak: wutar da ta fito daga akwatin farko ba ta da inda za ta sai na biyu. Saboda haka yawan wutar ɗaya ne a ko'ina, ƙarfin batir ne ke rabuwa tsakanin akwatunan, mai turjiya da yawa ya kwashi kaso mafi tsoka. Jimillar turjiyar kuwa tarawa ce kawai: R = R₁ + R₂. A haɗin rassa, wato faralel, akwatunan sun tashi daga mahaɗa ɗaya sun ƙare a mahaɗa ɗaya. A nan ƙarfin ne ɗaya a kan kowane reshe, wutar ce ke rabuwa. Dokar ita ce 1/R = 1/R₁ + 1/R₂.

Wannan doka ta biyu tana ɗaure wa mutane kai, domin ƙara akwati yana rage jimillar turjiya. Amma ka tuna masallacin Juma'a bayan an sallame. Idan ƙofa ɗaya ce a buɗe, fita sai a hankali. Da zarar an buɗe ta biyu, ko da ƙarama ce matsattsiya, mutane za su fi saurin fita fiye da dā, domin ba ta rage wa ta farkon komai ba, ƙarin hanya ce. Daga nan muke samun ma'auni mai amfani ƙwarai: jimillar haɗin rassa kullum tana ƙasa da mafi ƙanƙantar turjiyar da ke cikinsa.

Mu ɗauki tambaya irin wadda ake yawan kawowa. Batir mai bolt 12. Daga ɓangaren + waya ta shiga akwati mai om 2. Bayansa akwai ɗigo, hanya ta rabu biyu: reshe ɗaya yana da om 5, ɗayan om 20. Rassan suka sake haɗuwa a wani ɗigon, waya ta koma batir. An ce a nemo wutar da ke cikin kowane akwati da ƙarfin da ke kansa.

Kafin komai, a ɗora yatsa a kan + a bi layin. Har aka ratsa om 2 ba a gamu da mararraba ba, ke nan duk wutar batir ta nan take bi. A ɗigon farko yatsa zai yi zaɓi, ko sama ko ƙasa, kuma duk wanda ya bi, a ɗigo na biyu zai ɓulla. Wannan ya tabbatar da cewa om 5 da om 20 haɗin rassa ne, su biyun kuma a dunƙule suna jere da om 2. Ko da mai zanen ya ajiye ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ko ya karkata shi don ya rikita yara, hukuncin bai canza ba. Abin dubawa shi ne inda ƙarshen kowane akwati ya haɗu.

Ana fara lissafi daga rassan. 1/R = 1/5 + 1/20 = 4/20 + 1/20 = 5/20, wato 1/4. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Abin da aka samu 1/R ne, sai an juya shi kafin a sami R, wato om 4. Wanda ya manta zai rubuta 0.25, ya tara da 2 ya sami 2.25, daga nan duk sauran aikin ya rushe. Idan akwatunan biyu ne kacal, akwai gajeriyar hanya: a ninka su, a raba da jimillarsu, (5 × 20) ÷ (5 + 20) = 100 ÷ 25 = 4. Sai a gwada da ma'auninmu: 4 ta gaza 5, amsar tana kan hanya.

Ina ba da shawara a wannan gaɓar yaro ya sake zana haɗin a gefen takarda, ya maye gurbin rassan biyu da akwati ɗaya mai om 4. Minti ɗaya zai ci, amma zanen ya zama batir da akwatuna biyu a jere. Jimilla 2 + 4 = 6. Yanzu ne kaɗai ya halatta a taɓa bolt 12 ɗin, domin R ta dukan haɗin ce a hannu: I = 12 ÷ 6 = 2. Amfiya 2 ke fita daga batir.

Sai a juyo a warware abin da aka dunƙule. Amfiya 2 ɗin nan duka ta ratsa om 2, don haka ƙarfin da ke kansa 2 × 2 = 4, bolt 4. Saura bolt 8 daga cikin 12, kuma su ne a kan rassan. Ba a raba 8 ɗin biyu, kowane reshe yana da bolt 8 cif. Reshen om 5 yana ɗauke da 8 ÷ 5 = 1.6, na om 20 kuma 8 ÷ 20 = 0.4. Idan aka tara 1.6 da 0.4 aka sami amfiya 2, daidai da abin da ya shiga mararrabar. Wannan gwaji, da na tara 4 da 8 a sami 12, su ne dokokin da Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845, kuma da su yaro zai iya yi wa kansa maki tun yana ɗakin jarrabawa. A kuma lura cewa om 20 ya ninka om 5 sau huɗu, wutarsa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ce ta ɗan'uwansa. Yawancin wutar ta bi hanya mai sauƙi, amma ɗayar ma ba ta zauna fayau ba.

Wanda ya yi gaggawa ya raba 12 da 5 zai sami amfiya 2.4 a reshe guda, alhali batirin gaba ɗaya amfiya 2 yake bayarwa. Reshe ba zai ɗauki fiye da abin da ya zo mararraba ba, nan take ya kamata ya gane akwai kuskure.

Masu tsara tambaya sukan sa makunni a reshe ɗaya, su ce me zai faru idan an kashe shi. A ce an cire reshen om 20. Jimilla ta koma 2 + 5 = 7, wutar batir ta sauka zuwa kusan amfiya 1.71, ƙarfin da ke kan om 5 kuma ya hau zuwa kusan bolt 8.57. Da an mayar da reshen, sai ya koma 8. Wannan ne ke faruwa a gida idan an jona dutsen guga sai ƙwan ɗaki ya dusashe. Kayan gida duk a haɗin rassa suke, shi ya sa kashe fanka ba ya kashe talabijin. Amma wayar da ta kawo wutar daga falwaya tana da tata turjiyar, tana jere da su duka kamar om 2 ɗinmu. Idan wuta ta ƙaru a cikinta, kason da take ci ya ƙaru, abin da ya rage wa kayan ya ragu. Siririyar waya mai tsawo ta fi cin kaso, kuma abin da ta ci zafi yake zama.

Wata tambayar takan ja layi tsirara daga ɗigon farko zuwa na biyu. Waya marar turjiya ta tsallake rassan ke nan, duk wutar ta bi ta cikinta, om 5 da om 20 sun fita daga lissafi. Saura om 2 kaɗai, wuta ta tashi zuwa amfiya 6. Shi ne abin da masu gyaran wuta ke cewa shot, kuma dominsa ake sa fiyus a jere da layin, ya narke ya yanke hanya kafin waya ta kama. Dalili ɗaya ne ya sa ake sa awon A a jere, domin turjiyarsa kaɗan ce ƙwarai, idan aka gicciya shi a kan batir ya zama shot. Awon V kuwa turjiyarsa babba ce, a gefen akwati ake rataya shi, ƙafa ɗaya a kowane ƙarshe.

Idan aka haɗa wannan zane da kayan gaske a ɗakin gwaji, awon zai nuna ƙasa da amfiya 2 kaɗan. Batir ma yana da 'yar turjiya a cikinsa, wadda ake rubutawa da ƙaramin r. Idan tambaya ta ba da ita, a ɗauke ta a matsayin ƙarin akwati a jere: da r om 1, jimillarmu ta zama 7, wutar ta koma kusan 1.71, kuma awon V a bakin batirin zai nuna kusan bolt 10.3 maimakon 12.