Farar wuta a man dizal: abin da janareta ke fitarwa bayan hayaƙi

Idan aka ɗauke wuta a Tudun Wada kuma sabis bai yanke a wayarka ba, galibi janaretan dizal ne ke riƙe da eriyar. Man da yake sha yana ɗauke da sinadarin salfa, wato farar wuta. Idan ta ƙone sai ta zama iskar SO₂, wadda ke haɗuwa da damshin sama ta koma asid, ta sauko cikin ruwan sama tana cin kwanon rufi.

Mu yi lissafi. A da, Najeriya ta daɗe tana amincewa da dizal mai salfa 3,000 ppm, wato giram 3 a kowane kilo. Lita 100, jarka huɗu ke nan, ta kai kilo 84. A ƙone ta, a samu kusan rabin kilo na SO₂. A ma'aunin 50 ppm da ECOWAS ta amince da shi a 2020, giram 8 ne kawai.

A Zariya, ƙurar da ke iska tana rage kaifin asid ɗin, don haka na fi jin tsoron illarsa a kusa: yana tayar wa masu asma ciwonsu, yana lalata baƙin man inji da wuri. Kuma kallon launin mai a jarka ba ya nuna yawan salfa, sai an gwada a ɗakin gwaji.