Ramin gini a Tudun Wada: injin jan ruwa na iya zama shi ne mai rusa aikin

Wanda ya je sakatariyar gwamnatin tarayya da ke Tudun Wada a Jos, ya ga manyan duwatsun da suka kewaye unguwar, ba zai kawo a ransa cewa ruwa zai hana a haƙa rami a wurin ba. Sunan unguwar ma tudu ne. Amma ƙasar Jos ba iri ɗaya ba ce. Tsakanin duwatsun akwai kwaruruka da suka cika da yashi da tsakuwa, irin waɗanda masu haƙar kuza suka yi ta bi tun farkon ƙarni na 20, kuma a wurare da dama abin da mutum yake takawa a yau baraguzan da aka wanke aka zubar ne. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da damina ta kankama, ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin waɗannan kwaruruka yakan taso har ya kusa kai wa doron ƙasa.

Fayil ɗin aikin gini mai ɗakin ƙasa ko babban tankin ruwa idan ya iso teburin jami'i a Abuja, maganar fitar da ruwa daga rami sau da yawa layi ɗaya ce a cikin jerin kuɗin kwangila. Mai duba fayil ya ga injin jan ruwa da man gas, ya sa hannu. A ganina wannan layi ya fi cancantar tambaya a kan yawancin layukan da ake ta cacar baki a kansu, domin hanyar da aka bi aka fitar da ruwan ita ce ke yanke hukuncin ko gindin ramin zai tsaya.

A ɗauki misali. Za a haƙa rami mai zurfin mita 6 a cikin yashi, ruwa kuma yana mita ɗaya da rabi daga sama. Ɗan kwangila ya kafa katangar faifan ƙarfe a kewaye don kada gefen ya zube, ya nutsa ƙarfen mita 3 ƙasa da gindin ramin. Sai ya haƙa ɗan gurbi a kusurwa, ya jefa mesar inji, ya zuƙe ruwan ciki har gindin ya bayyana. Yanzu ruwan waje ya fi na ciki tsawo da mita huɗu da rabi. Ƙarfe ya tare shi ta gefe, saboda haka sai ya gangara, ya zagaya ta ƙarƙashin bakin ƙarfen, ya taso ta gindin ramin. Yana tasowa yana tura ƙwayoyin yashi sama.

Yashi ba shi da danƙo kamar laka. Nauyinsa kaɗai ke riƙe shi. Idan aka yanki fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kowace mita ta zurfin jiƙaƙƙen yashi tana da nauyin kusan tan biyu, amma da yake a cikin ruwa yake, ruwan ya ɗauke masa rabi, saura kusan tan ɗaya. Ke nan mita ukun nan na yashi da ke tsakanin gindin ramin da bakin ƙarfe suna danne wurin da tan uku. Shi kuwa ruwa, kowace mita ta bambancin tsawo tana tura wannan fili da ƙarfin tan ɗaya. A lissafin gaggawa, akan ɗauka cewa ruwan ya ɓatar da rabin ƙarfinsa a hanyar gangarowa, ya iso bakin ƙarfe da sauran rabin. Rabin huɗu da rabi shi ne biyu da kwata. Tan uku na danniya, tan biyu da kwata na turi: ramin yana tsaye, amma rarar ba ta da yawa.

To, a ce an kwana uku ana ruwan sama, ruwan waje ya taso har doron ƙasa. Bambancin ya zama mita 6, rabinsa 3. Turi ya yi daidai da danniya. A wannan gaɓar ƙwayoyin yashi sun daina jingina da juna, suna yawo a cikin ruwa, kuma gindin da lebura ya tsaya a kansa jiya ya koma kamar kunu. Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa ilimin halayyar ƙasa a fagen gini, shi ne ya fayyace wannan ma'auni, kuma har yau a kansa injiniyoyi ke gina lissafinsu. Mugun abin shi ne, yashin gindin nan shi ne ke tokare ƙafar katangar ƙarfe daga ciki. Da zarar ya narke, ƙafar katangar ta zame zuwa cikin rami, ƙasar waje ta biyo ta tare da duk abin da ke kanta. Ƙara injin jan ruwa a wannan lokaci ƙara wa wutar mai ne, domin kowane taku da aka rage ruwan ciki yana ƙara bambancin.

A takarda maganin yana da sauƙi: a nutsa ƙarfen mita 6 maimakon 3, danniya ta zama tan shida, ta ninka turin sau biyu. A Jos kuwa takarda ba ta cika tafiya daidai da ƙasa ba. Duwatsun da ake gani a sama suna da 'yan'uwa a binne, kuma faifan ƙarfe yana iya cin karo da ɗaya a mita biyu ya tsaya cak, ko ya tanƙware ya rabu da na kusa da shi. Wurin ya zama taga, ruwan duk kewayen ya tattaru a nan. Shi ya sa rajistar zurfin kowane faifai, ɗaya bayan ɗaya, ta fi hoton katangar da aka ɗauka daga sama amfani ga mai biyan kuɗi.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sauke ruwan daga waje tun kafin a yi zurfi. Ana kafa siraran bututu masu matata a bakinsu a kewayen ramin, tazarar mita ɗaya zuwa biyu tsakaninsu, a haɗa su da babban bututu guda da inji mai zuƙa. Ta haka ruwa yana gudu daga ramin zuwa waje da ƙasa, yana danne yashin maimakon ɗaga shi. Ana so ruwan ya sauka aƙalla rabin mita ƙasa da gindin da za a zuba kankare.

A nan akwai wani abu da ya keɓanci Jos, wanda mai kwafo tsarin aiki daga Legas ko Fatakwal zai iya mantawa. Injin zuƙa ba shi ne ainihin mai ɗaga ruwa ba; nauyin iska ne ke tura ruwan sama cikin bututun da aka zuƙe. A bakin teku nauyin iska ya kai ya riƙe ruwa mai tsawon mita 10 da 'yan kai, kuma a aikace irin wannan tsari yana sauke ruwa kamar mita biyar zuwa shida. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, inda iska ta fi sauƙi, kuma hakan yana cinye fiye da mita ɗaya daga abin da injin zai iya. A misalinmu ana buƙatar ruwa ya sauka zuwa mita shida da rabi daga doron ƙasa. Layi ɗaya na bututu da aka kafa a sama ba zai kai ba. Ko dai a haƙa rabin zurfin a kafa layi na biyu a ƙasa, ko a haƙa rijiyoyin burtsatse a kewaye a zura musu injin da ke zama cikin ruwa yana turowa, wanda nauyin iska bai dame shi ba.

Akwai nau'i na biyu na kumburin gindi da ya fi yaudara, domin ramin a bushe yake. A tsoffin wuraren wankin kuza, da ma kwaruruka na asali, akan sami shimfiɗar laka a tsakanin yashi. A ce a raminmu laka ce ta rage a gindi mai kaurin mita 2, ƙarƙashinta kuma yashi ne mai ruwa wanda ke haɗe da ruwan waje. Nauyin lakar bai kai tan huɗu ba a kan filin mita ɗaya. Ruwan da ke ƙarƙashinta, a zurfin mita 8, yana turowa da tan shida da rabi. Lakar murfi ce a kan tukunya: takan ɗago a hankali, ta tsattsage, sannan ruwa da yashi su ɓarko. Ba a gane wannan sai idan ramin gwajin ƙasa ya zarce gindin ramin ginin da nisa, an kuma bar bututun awo a cikin yashin ƙasan don a riƙa karanta tsawon ruwansa kullum. Idan rahoton gwajin ƙasa ya tsaya a mita 6 daidai, ko aka yi shi a watan Fabrairu ba a ƙara auna ruwa da damina ba, to bai amsa tambayar ba.

Alamar farko ba ta buƙatar digiri. A tari ruwan da injin ke fitarwa a cikin farar kwalba, a ajiye na 'yan mintoci. Idan ya fito garau, ruwa ake ja. Idan yashi ya kwanta a ƙasan kwalbar, ana kwashe ƙasa ne daga wani wuri da ba a gani, wataƙila daga ƙarƙashin harsashin gidan maƙwabci. Sauran alamomin su ne ƙananan idanun ruwa masu ɓuɓɓuga a gindin ramin da tsibin yashi kewaye da su, da tsagewar ƙasa a bayan katanga, da ƙofar maƙwabta da ta fara cijewa. A unguwa irin Tudun Wada, inda gidaje da yawa ke dogaro da rijiyar tsakar gida, saukar ruwan rijiyoyin ma labari ne na nisan da jan ruwan ya kai, kuma shi ne yakan fara kawo ƙorafi ofis.

Ko ƙasashen da suka yi nisa abin bai bar su ba. Ranar 3 ga Maris, 2009, ginin ajiyar takardun tarihi na birnin Kolon a Jamus ya rufta, mutum biyu suka mutu, bayan ruwa da yashi sun kwarara cikin ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake haƙawa kusa da shi. Bincike ya ɗora laifin a kan wani gurbi a jikin katangar kankaren ramin.

Sai maganar wuta. Tsarin sauke ruwa ba ya hutun dare ko na Lahadi, kuma a yashi mai garari ruwa yana iya dawowa cikin sa'o'i kaɗan idan injin ya tsaya. Dole a sami janareta na biyu a haɗe, da injin ko-ta-kwana, da mai gadi da ya san yadda ake tayar da su. Ba a kuma kashe injinan don an zuba kankaren gindi. Sai ginin ya yi nauyin da ruwa ba zai iya ɗaga shi kamar kwale-kwale ba. Jinkirin biyan ɗan kwangila na mako biyu, wanda a ofis ba a ɗauke shi a bakin komai ba, a bakin ramin yana nufin man gas ya ƙare.

Idan kuwa gindin ya riga ya fara ɓuɓɓuga, a fitar da ma'aikata tukuna. Daga nan a kashe injin da ke ja daga cikin ramin, a bar na waje suna aiki, a zuba yashi mai garari sannan tsakuwa a kan idanun ruwan, don ruwa ya wuce amma ƙasa ta tsaya. In abin ya ƙi, a mayar da ruwa cikin ramin da gangan har ya daidaita da na waje, sannan injiniyan ƙasa ya sake lissafin zurfin ƙarfe da yawan rijiyoyi kafin a sake tayar da inji.