Ta Rubuta da Hausa, Manhaja Ta Ce Aikin Inji Ne

Duk ƙarshen zangon karatu, idan ɗaliban ajin ƙarshe suka fara miƙa kundin digiri, akwai wata lamba da ke hana su barci fiye da tambayoyin ranar kare kundin. Ita ce kason da manhajar bincike za ta fitar bayan an loda aikin a kwamfuta. Malamai da yawa sun ɗauki wannan lamba tamkar hukuncin alƙali. Sai dai akwai wani abu da ke rikita ta cikin sauƙi, kuma yana cikin wayar kowane ɗalibi tun Disambar 2013, lokacin da Google Translate ta sanya Hausa cikin harsunanta. Wannan abu shi ne fassarar inji.

Da farko a rarrabe, domin manhajojin iri biyu ne, ko da yake kamfani ɗaya kamar Turnitin na iya haɗa su a shafi guda. Ta farko mai neman satar rubutu ce. Tana ɗaukar jerin kalmomin ɗalibi ta gwada su da ɗimbin maƙalu da littattafai da kundayen da ke rumbunta, inda jerin ya yi daidai ta shafa masa launi. Ta biyu sabuwa ce, mai ƙoƙarin gane rubutun da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta yi. Wannan ba ta da wani asali da za ta nuna maka. Kintace take yi. Tana duba yadda kalmomi ke bin juna: idan kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammanin za ta zo a wurin, kuma jimlolin duk tsayinsu da tsarinsu kusan ɗaya, sai ta ce akwai hannun inji. Dukansu biyun kamar mai gadi ne da ke gane mutum da rigarsa, ita kuwa fassara aikinta sauya riga.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba a sashen tattalin arzikin noma, wadda ta yi bincike kan manoman albasa a Aliero ta jihar Kebbi. Ta je gonaki, ta yi hira da mutane da Hausa, ta cika littafinta da Hausa. Turancinta na karatu ne, ba ya gudu a alƙalami, don haka ta rubuta babi na huɗu da harshen da take tunani da shi. A ciki ta ce: "Idan albasa ta fito kowa ya kwashe lokaci guda, buhu sai ya faɗi warwas, wanda ba shi da rumbu kuwa ko ya sayar a wulaƙance ko ta ruɓe masa a hannu." Ta zuba babin a manhajar fassara. Turancin da zai fito, idan aka dawo da ma'anarsa, zai yi kama da haka: "A lokacin girbi farashin albasa yana raguwa sosai, kuma manoman da ba su da wurin ajiya suna fuskantar asara." Ma'anar tana nan, amma "warwas" ta tafi, "a wulaƙance" ta tafi, karyewar jimlar ma ta miƙe.

Ba laifin ɗalibar ba ne, haka injin yake aiki. Tun wajen 2016 manyan manhajojin fassara suka koma tsarin da ke zaɓen kalma bayan kalma bisa wadda ta fi yiwuwa. Wannan ɗabi'ar kuwa ita ce dai ta ChatGPT da ire-irenta, kuma ita manhajar ganowa take farauta. Saboda haka tunanin na ɗalibar ne, wahalar rana da ƙura tata ce, amma kalmomin Turancin inji ne ya jera su. Idan rahoto ya ce kashi 70 na babin rubutun inji ne, ta wata fuskar bai yi ƙarya ba. Kuskuren yana wurin malamin da zai karanta lambar da ma'anar cewa yarinyar ba ta je Aliero ba.

An gwada wannan a aikace. A 2023 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Debora Weber-Wulff ta jarraba manhajojin ganowa 14. Cikin abin da suka ba su har da rubutun da mutane suka yi da hannunsu a harsunan Turai kamar Jamusanci da Sifaniyanci, aka mayar da shi Ingilishi da inji. Daidaiton manhajojin ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100 a kan irin wannan rubutu. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba manhajoji bakwai insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta. A matsakaici, kashi 61 cikin 100 aka yi musu ƙazafin cewa inji ne ya rubuta, alhali rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas kusan duk ya tsallake. Dalilin shi ne wanda ya koyi harshe a makaranta yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbata da su. Ke nan ɗalibin Bahaushe yana cikin hatsari ko bai taɓa manhajar fassara ba, idan ya taɓa kuwa abin ya ninku. Ita kanta OpenAI, mai ChatGPT, ta fito da tata manhajar ganowa a Janairun 2023, ta janye ta a Yuli saboda rashin inganci.

Yanzu a juya ga abokin karatunta, wanda bai je ko'ina ba. Ya samo maƙalar wani a intanet kan ajiyar albasa, ya kwafi shafi uku, ya mayar da su Hausa, sannan ya sake mayar da Hausar Ingilishi. Tafiya da dawowar nan ta sauya kalmomi da yawa da tsarin jimloli, jerin da manhajar satar rubutu ke nema ya wargaje. Abin da zai fito da launi daga sama har ƙasa sai ya fito da ɗan ɗigo nan da can. Hausa ta fi Faransanci dacewa da wannan aika-aika, domin tazararta da Ingilishi ta fi nisa, kuma rubuce-rubucen da aka horar da injin da su ba su da yawa, don haka abin da ya shiga ba ya dawowa yadda ya tafi. A teburin malami sai a wayi gari mai gaskiya tana amsa tambayoyi, mai kwafi ya wuce da rahoto fes.

Amma wannan tafiya tana barin sawu, kuma idon malami ya fi manhaja ganinsa. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a takarda, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Inji yana dogara da kalmomin da ke kewaye don ya zaɓa, wani lokaci ya zaɓi wadda ba ita ba. Idan malami ya ga jimlar Turanci a kundin noma tana zancen launi a inda ya kamata a yi zancen ƙarancin damina, to rubutun ya ratsa ta Hausa. Kalmomin fannin ilimi ma sukan narke: sunan wata cutar shuka ya tafi Hausa ya zama bayani, ya dawo a matsayin bayanin, ba sunan ba. Abin da ba ya motsi shi ne lambobi, da shekaru, da sunayen marubutan da aka ambata, da jerin yadda aka ambace su. Malamin da ya ɗauki sunaye uku da suka zo a jere a sakin layi ɗaya ya nema a intanet, sau da yawa zai faɗa kan maƙalar asali cikin mintuna.

A sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi matsalar ta fi zurfi, kuma ba a cika zancenta ba. A nan kundin da Hausa ake rubuta shi. Ɗalibi zai iya ɗauko maƙalar Turanci kan adabin baka, ya mayar da ita Hausa, ya miƙa. Manhajar satar rubutu za ta gwada Hausar da abin da ke rumbunta, ba za ta sami takwara ba, sai ta ba da kaso kaɗan. Ko da daga tsohon kundin Hausa aka kwafa, yawancinsu suna kan kanta a ɗakunan karatu, ba a taɓa loda su ba. Manhajar gano rubutun inji ta Turnitin kuwa da Ingilishi kaɗai ta fara a Afrilun 2023, daga baya aka ƙara Sifaniyanci da Japananci. Shafukan kyauta da ke karɓar kowane rubutu za su ba ka lamba idan ka zuba musu Hausa, amma lambar da aka samo daga ma'aunin da ba a gina shi don harshen ba, ba hujja ba ce ta kama wani ko wanke shi.

A nan kunnen malami ne makami. Hausar inji tana da wari. Za ka ga "wanda" da "wanda" sun cika jimla har numfashi ya ƙare. Marubuciyar da aka ce "ta rubuta" a layin farko ta koma "ya ce" a layi na uku, saboda Turancin bai fayyace jinsinta ba. Kawu da baffa sun zama mutum ɗaya, haka goggo da inna. Karin maganar Turanci ya fito tsirara, kalma da kalma. Ɗalibin da ya tashi a Sakkwato ko Damagaram, wanda kowa ya san yadda Hausarsa take a takardar jarrabawa, kwatsam ya koma rubutu kamar mai karanta labaran rediyo. Sai dai a yi hattara, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya isa shi kaɗai. Matasa da yawa da suka taso da karatun boko haka suke rubuta Hausa da kansu, Turanci na kwance a ƙarƙashinta, rashin ƙugiya a ɗ da ƙ kuwa ya fi nuna irin wayar mutum fiye da halinsa.

Akwai kuma ruɗin da ya shafi maki kai tsaye. Idan darasin na koyon Ingilishi ne, ko na fassara, Turanci mai santsi da inji ya fitar zai sa malami ya ba da makin ƙwarewar da ɗalibi bai mallaka ba. Idan darasin noma ne ko tarihi, abin da ake aunawa bincike ne da hujja, fassarar ba ta taɓa su ba. Sassa da yawa ba su rubuta wa ɗalibai wanne aka halatta wanne aka hana ba, sai ranar da lamba ta fito a fara neman doka.

Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe manhajar gano rubutun inji a Agustan 2023 bayan wani lissafi mai sauƙi: ta loda takardu 75,000 a 2022, ko da kuskuren kashi 1 ne kacal, takardu 750 ke nan da za a iya zargin masu su a banza. Jami'o'inmu, inda kusan kowane ɗalibi da harshe na biyu yake rubutu, sun fi ta dalilin yin wannan lissafi.

Malamin da ya yi shakka ya kira ɗalibi ya zauna, ya rufe kundin, ya ce masa ya bayyana babi na huɗu da baki, da Hausa ma idan ya ga dama. Wadda ta je Aliero za ta faɗi nawa aka sayar da buhu ranar da ta je da wanda ta tarar a bakin rumbu, mai kwafi kuwa zai fara duban silin. Ku kuma ɗalibai, idan kun rubuta da Hausa kuka fassara, ku adana rubutun Hausar da littafin hirarku da muryoyin da kuka naɗa, ku sanar da mai duba aikinku tun kafin ku miƙa, kada ku bari sai manhaja ta riga ku magana.