Shafi Bayan Shafi: Yadda Manhajar Sintiri Ke Kwaso Dubban Bayanai Ba Tare da An Rufe Mata Ƙofa Ba

Akwai wasu ƙananan manhajoji da ba a ganinsu a fuskar waya, amma ba su da hutu. An ɗaura musu agogo ne kawai. Lokaci na cika sai su farka, su leƙa wata kwamfuta ta wani kamfani da ke nesa, su tambayi abin da ya canza, su rubuta rahoto, su koma barci. Aikinsu sintiri ne, kuma matsalarsu irin ta mai gadi ce: idan ya zagaya rabin gida ya dawo ya ce komai lafiya, babu wanda zai gane sai ranar da ɓarna ta bayyana.

GitHub wuri ne mai kyau na ganin yadda wannan ke faruwa. Dandali ne da aka buɗe a shekarar 2008, Microsoft ya saye shi a 2018, kuma a nan ne masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu. Kowane aiki yana da rumbunsa, kowane rumbu yana da jerin ƙorafe-ƙorafe da masu amfani suka shigar. Ban da shafin da mutum ke karantawa da ido, akwai wata kafa da ake kira API, wadda ta nan ne manhaja ke tambayar manhaja.

A ƙaddara wata ƙungiya tana da rumbu mai ƙorafi 12,000, ta kuma sa manhajar sintiri ta riƙa duba su don gano waɗanda suka daɗe babu wanda ya amsa. Manhajar ta aika buƙatarta ta farko. Abin da zai dawo mata ƙorafi 30 ne kacal, domin shi ne mudun da GitHub ke aunawa da shi idan ba a ce masa komai ba. Ba zai nuna wani kuskure ba, lambar amsar 200 ce, wato komai ya tafi daidai. Sabon shiga yakan karɓi talatin ɗin nan ya ɗauka ya gama, alhali kallon kitse yake wa rogo, saura 11,970 bai ko san da su ba.

Ana iya neman a ƙara girman mudun, amma iyakarsa ɗari:

```
curl -i -H "Authorization: Bearer $TOKEN" \
"https://api.github.com/repos/OWNER/REPO/issues?per_page=100"
```

Da wannan, ƙorafi 12,000 sun koma shafi 120 maimakon 400. To ina shafi na biyu? Amsar tana zuwa da wasu layuka a samanta, kamar rubutun bayan ambulan, waɗanda ba sa cikin wasiƙar kanta. Ɗaya daga cikinsu sunansa `Link`, kuma a cikinsa akwai adireshi mai alamar `rel="next"`. Aikin manhajar shi ne ta ɗauki wannan adireshin yadda yake ta bi shi, ta sake ɗaukar na gaba, har ta iso shafin da babu alamar a kansa. Nan ne ƙarshe. Masu wayo sukan so su ƙirƙiri adireshin da kansu, suna ƙara ɗaya a kan lambar shafi. Wannan ganganci ne, domin ba kowane jeri ne ke tafiya da lambar shafi ba. Wasu da alamar inda aka tsaya suke tafiya, kuma mai kayan ne kaɗai ya san yadda yake ƙulla ta.

Sai maganar ƙa'ida. Kowane shafi buƙata ɗaya ce, kuma ana ƙirga su. Wanda ya zo ba tare da makullin shaida ba, buƙata 60 ake ba shi a awa guda, ana lissafa masa ta adireshin intanet ɗinsa. Ga rumbun nan, wannan na nufin a shafi na 60 za a tsayar da shi, daidai tsakiyar hanya. Mai makullin kansa yana da 5,000 a awa. Amma akwai kaso na uku da yake yawan yi wa mutane ba-zata. Da yawa suna ɗora sintirinsu a kan GitHub Actions, sashen da ke gudanar da ayyuka bisa agogo, suna amfani da makullin da yake bayarwa kai tsaye, `GITHUB_TOKEN`. Ga yawancin masu amfani, rabon wannan makulli buƙata 1,000 ne a awa ga kowane rumbu.

Dubu kamar da yawa, har sai an yi lissafi. A ce ƙungiyar ta ga dama ta sa sintirin ya riƙa fita duk minti biyar, wanda shi ne mafi ƙanƙantar tazarar da Actions ke yarda da ita. Zagaye 12 ke nan a awa, kowane da buƙata 120, jimla 1,440. Zagaye takwas na farko za su cinye 960. Na tara zai karanta shafi 40 ya ci karo da ƙofa a rufe. Na goma, na sha ɗaya da na sha biyu ko shafi guda ba za su samu ba. Kusan minti ashirin a kowace awa mai gadin makaho ne, kuma hakan zai riƙa maimaituwa dare da rana.

Abin takaicin shi ne ba a ɓoye wa manhajar komai ba. Kowace amsa tana ɗauke da lissafin abin da ya rage mata:

```
x-ratelimit-limit: 1000
x-ratelimit-remaining: 40
x-ratelimit-reset: 1735689600
```

Layi na biyu shi ne ragowar rabonta. Na uku kuma lokacin da za a sake cika mata shi ne, a ƙirge da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970. Manhaja mai hankali takan kalli layin tsakiya bayan kowane shafi. Idan ta ga saura 40 alhali shafi 120 ne a gabanta, tun kafin a kore ta ta san ba za ta kai ba. Ko dai ta kwanta har lokacin da layi na uku ya nuna, ko ta rubuta inda ta tsaya ta bar wa zagaye na gaba.

Idan kuwa ta yi kunnen ƙashi, amsar da za ta samu 403 ce ko 429. Lamba ta biyun an shigar da ita cikin ƙa'idojin intanet ne a 2012 musamman don a ce wa mai tambaya ya yi yawa. A nan ne wasu manhajoji ke ƙara wa kansu wahala, su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar babu ƙaƙƙautawa. GitHub ya faɗa a fili cewa ci gaba da aika buƙata bayan an tsayar da mutum na iya jawo a dakatar da manhajarsa gaba ɗaya. Tsarin da ya shimfiɗa mai sauƙi ne. Idan amsar ta zo da layin `retry-after`, a jira daƙiƙoƙin da ya ambata. Idan ragowar ta kai sifili, a jira lokacin sake cikawa. Idan babu ko ɗaya, a dakata aƙalla minti guda, a riƙa ninka jiran duk lokacin da aka sake ƙi, sannan a haƙura bayan wasu 'yan gwaji. Wannan na ƙarshen yana da amfani saboda akwai wata ƙa'ida ta biyu da ke kama mai gaggawa ko da rabonsa na awa bai ƙare ba, misali wanda ya watsa buƙatu sama da ɗari a lokaci guda. Shi ya sa aka fi son a karanta shafukan ɗaya bayan ɗaya.

Jira ma yana da nasa tarko. Zagayen da ya kwanta yana jiran minti ashirin, agogo bai san da zamansa ba, zai tashi na gaba, da na bayansa, duk su taru suna jiran rabo ɗaya. Da an cika shi sai su afka masa tare su cinye. Maganin shi ne sakata: kada sabon zagaye ya fara sai na baya ya fita. A kwamfutar Linux umarnin `flock -n` yana yin wannan, a Actions kuma akwai saitin `concurrency`.

Amma gyaran da ya fi duka shi ne a daina kwaso duka rumbun kowane lokaci. Cikin minti biyar, ƙorafi nawa ne za su canza daga cikin 12,000? Wataƙila ba su cika shafi ɗaya ba. Jerin ƙorafin yana karɓar wani sharaɗi mai suna `since`, wanda ke cewa a kawo waɗanda aka taɓa tun daga lokaci kaza kawai. Sai a yi cikakken karatu sau ɗaya, a ajiye kwafi, daga nan kowane zagaye buƙata ɗaya ko biyu ta ishe shi. Lissafin 1,440 ya sauko bai kai talatin ba.

Lokacin da za a ajiye a matsayin shaida shi ne ke buƙatar taka-tsantsan. Na fara zagayen ake rubutawa, ba na gamawa ba, don kada abin da ya canza ana tsakiyar karatu ya faɗa rami. Kuma ba a rubuta shi sai an tabbatar an kai shafin ƙarshe. Manhajar da ta tsaya a shafi na 40 ta kuma matsar da shaidar gaba ta binne shafi 80, ba za ta sake waiwayarsu ba. Akwai kuma batun agogo: lokacin da ke ƙarewa da harafin `Z` na UTC ne, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Mai rubuta manhaja a Kano ko Damagaram da ya ɗauki ƙarfe goma na agogon ofishinsa ya manna masa `Z`, ya ce ke nan a fara daga lokacin da bai ma yi ba, kuma canje-canjen awa guda za su wuce shi shiru.

Cikakken karatun na farko shi ma ba a kan abu tsayayye ake yinsa ba. GitHub yana jero sababbin ƙorafi a sama. Idan wani ya shigar da sabo ana shafi na 50, komai zai gusa ƙasa da mataki ɗaya, na ƙarshen shafi na 50 ya sake bayyana a farkon na 51. Wannan da sauƙi, lambar `id` za ta nuna maimaici ne. Kishiyarsa ce mai haɗari: idan aka rufe wani ƙorafi da ke shafukan da aka riga aka wuce, komai zai gusa sama, na farkon shafi na 51 ya koma shafi na 50, ya tsallake ba a gan shi ba. Ana rage wannan da `sort=created&direction=asc`, don sababbi su riƙa shiga ta wutsiya, da kuma `state=all`, don wanda aka rufe ya zauna a gurbinsa. Da yake ana iya goge ƙorafi ko a mayar da shi wani rumbu, masu lura sukan sake cikakken karatu lokaci-lokaci, galibi da dare.

Saura yadda mai aikin zai gane ko sintirinsa na faɗin gaskiya. Rahoton kowane zagaye ya kamata ya nuna shafi nawa aka karanta, ƙorafi nawa aka samu, rabo nawa ya rage, da kuma ko an kai shafin da babu `rel="next"`. Idan adadin da aka samu kullum 30 ne cif ko 100 cif, alama ce ta cewa shafin farko kaɗai ake karantawa. Idan kuma zagaye ya tsaya a hanya, kalmar da za ta fito a rahoton ita ce "ba a kammala ba", ta kuma fito da launin da zai sa wani ya tashi ya duba, domin a allon mai kula, zagayen da ya karanta shafi 40 da wanda ya karanta 120 duk kore suke nunawa idan ba a raba su ba.