Gurbin da Ba Komai, da Lambar da Ta Yi Tsalle

Mace ba ta zuba shinkafa a tukunya sai ta tsince tsakuwa. Haka abin yake ga mai binciken da ya dawo daga ƙauyuka da takardun tambayoyi, ya shigar da amsoshin cikin Excel. Kafin ya fara lissafi, akwai aikin tsinta, kuma sau da yawa ya fi lissafin cin lokaci. Wanda ya tsallake shi zai samu sakamako dai, domin Excel ba ya ƙin amsawa, amma sakamakon ba na manoman da aka tambaya ba ne.

Mu ɗauki misali. An tambayi magidanta 300 sunan garinsu da yawan buhunan masarar da suka girbe bana. Kowane gida yana da layinsa, daga na 2 zuwa na 301. Sunan gari yana layin tsaye na B, buhuna suna D. Abin farko shi ne a kwafi fayil ɗin, a ajiye na asali kada a taɓa shi, domin idan gyara ya ɓaci, can za a koma.

Sunayen garuruwa ba su da wuya. Wani ya rubuta Funtua, wani FUNTUA, wani ya bar fili a ƙarshen kalmar, sai a ga gari ɗaya ya rabu. Wannan fomula tana cire filin da ya yi yawa, ta daidaita manyan baƙaƙe da ƙanana:

```
=PROPER(TRIM(B2))
```

Amma ba za ta haɗa Funtua da Funtuwa ba. Wannan sai an kunna Filter an duba jerin sunayen da ido. Gidan da aka shigar sau biyu kuwa, Remove Duplicates zai fitar da shi, matuƙar lambar gida aka bi ba sunan mai gida ba, tunda masu suna iri ɗaya suna da yawa a gari guda.

Inda aikin yake shi ne layin buhuna. Ga gidaje goma na farko: 8, 10, 12, 12, 14, 15, 16, 18, sai 999, sai wani gurbi da ba a rubuta komai ba. Gidaje takwas da suka ba da amsa sun tara buhu 105, wato matsakaicinsu buhu 13 da ɗan ɗoriya. To ina 999 ta fito? Masu tsara bincike sukan ware lamba irin wannan, ko -99, ta zama alamar "bai sani ba" ko "ya ƙi amsawa". Excel bai san da wannan yarjejeniya ba. A wurinsa buhu ne ɗari tara da casa'in da tara, sai matsakaicin ya tashi zuwa kusan 123. Wannan kuskuren ma da sauƙi, domin kowa ya gani zai tsargu.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗayan. Mutum ya ga guraben da ba komai sun ɓata masa tsari, sai ya cike su da sifili. Yanzu 105 za a raba gida goma, a samu 10.5. Lambar ta yi kama da gaskiya, ba wanda zai ɗaga gira, alhali an rage wa kowane gida kusan buhu uku. Sifili amsa ce: manomin ya ce bai samu ko buhu ɗaya ba, watakila ambaliya ta cinye gonar. Gurbin da ba komai kuwa yana nufin ba mu ji daga bakinsa ba. Fomular AVERAGE da kanta tana bambanta su, tana tsallake gurbin da yake fayau, amma tana ƙirga sifili. Don haka a mayar da 999 gurbi fayau, a bar shi haka. Idan za a yi da Find and Replace, a tabbata an zaɓi Match entire cell contents, in ba haka ba a layin kuɗi wanda ya ce 1999 zai koma 1.

Kafin a share, a ƙirga:

```
=COUNTBLANK(D2:D301)
=COUNTIF(D2:D301,999)
=COUNT(D2:D301)
```

Ta ƙarshen tana ƙirga lambobi zalla. Idan aka haɗa ta da ta farko bai kai 300 ba, to akwai gurbin da aka rubuta "buhu 12" ko "goma", ko lambar da Excel ya ɗauka rubutu ce. Irin wannan takan jingina a gefen hagu na gurbi, kuma AVERAGE na wuce ta shiru.

Yawan giɓin ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, har da inda ya taru. A ce gidaje 24 ne ba su da amsa. Idan sun warwatsu a duk garuruwan, ana iya yin lissafi da 276, a faɗa a rahoto. Idan 20 daga ciki hannun ma'aikaci ɗaya suka fito, a kira shi a ji ko tsallake tambayar yake yi. Idan kuma manyan manoma ne suka yi shiru don gudun kada a san abin da ke rumbunsu, to matsakaicin da za a samu ya gaza gaskiya, kuma cike giɓin da matsakaicin sauran mutane ba zai gyara ba, sai dai ya ɓoye matsalar, ya kuma sa amsoshin su zama kamar sun fi kusa da juna.

Sai lambobin da suka yi tsalle suka bar 'yan uwansu. Hanyar da aka fi bi wajen gano su ta John Tukey ce, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1977. A jera amsoshi daga ƙarami zuwa babba, a nemo lambar da ke kan rubu'in farko da ta kan rubu'i na uku:

```
=QUARTILE.INC(D2:D301,1)
=QUARTILE.INC(D2:D301,3)
```

A ce sun ba da 10 da 18. Tazararsu 8 ce. A ninka ta sau ɗaya da rabi, 12 ke nan. A ɗora a kan 18, iyakar sama ta zama 30. A cire daga 10, iyakar ƙasa ta faɗa ƙasa da sifili, don haka ba abin nema a can. Sai a tace waɗanda suka haura 30. A misalinmu uku ne: 120, 400 da 45.

A nan ne ake ɗauko takardun asali. Mai 120, takardarsa 12 ta ce, yatsan mai shigarwa ne ya ƙara sifili, sai a gyara. Mai 400, an rubuta "tiya" a gefen amsarsa. Idan binciken ya tsayar da tiya 40 a buhu, buhu 10 ke nan. Amma a tabbatar da awon yankin tukuna, domin kwanon awo yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Mai 45 kuwa gidan gandu ne, uba da 'ya'yansa magidanta suna noma tare, kuma 45 ɗin gaskiya ce. Share shi zalunci ne ga binciken, domin irin gidajen nan suna nan a ƙasar Hausa. Iyakar Tukey tana nuna wanda za a bincika ne kawai. Idan ana tsoron manyan gidaje su ja matsakaici sama, a kawo MEDIAN kusa da shi, wato lambar da ke tsakiyar jeri, wadda babban gida ɗaya ba ya iya jan ta.

Duk gyaran da aka yi a rubuta shi a wani shafi daban: lambar gida, abin da ke wurin da, abin da aka mayar, da dalili. Gida na 87, 120 ta koma 12, bisa takardar asali. Gida na 203, tiya 400 ta koma buhu 10. Gida na 151, an bar 45 yadda take, an kira ma'aikacin ya tabbatar gandu ne.