Ƙafa Nawa Ne, Kuma A Ina Yake? Yadda Dillali Ke Rubuta Tallan Fili

Duk wanda ya bi titin Gwarzo a Kano, daga Rijiyar Zaki zuwa Janguza, zai ga rubutu da jan fenti a jikin katanga: "Fili na sayarwa", sai lambar waya a ƙasa. Yanzu tallan ya koma cikin waya, ƙarƙashin hoton fili ko gida, ya kuma samu ƙarin gishiri: "Garaɓasa! Katafaren fuloti a bakin titi, kusa da jami'a, takardu cikakku." Mai neman fili zai karanta wannan daga farko har ƙarshe, bai san inda filin yake ba, bai san girmansa ba, bai san wace takarda ake nufi ba. Dillalin da ya san sana'arsa ba ya rubuta abin da mai saye ba zai iya zuwa ya tabbatar da ƙafarsa, ko da igiyar awo, ko da takarda a hannu ba.

Kalmar "fuloti" ita ce ta fi ruɗa mutane, domin ba awo ba ce. A garuruwan Arewa da dama, idan aka ce cikakken fuloti ana nufin ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, wato murabba'in ƙafa 5,000, kimanin murabba'in mita 465. A Legas kuwa an fi sanin 60 da 120. A unguwannin awon igiya, inda mai gona ke yanka gonarsa da kansa, 50 da 50 ma fuloti ake ce masa, alhali rabin wancan ne cif. Saboda haka lambobi biyu ake rubutawa, faɗi da tsawo, a kuma faɗi ko ƙafa ce ko mita. Mita ɗaya ta ɗan haura ƙafa uku, don haka wanda ya rubuta "20 da 30" bai ce komai ba tukuna.

A ɗauki misali. A ce wani dillali na da filaye biyu a Danbare, daura da sabon matsugunin Jami'ar Bayero: ɗaya 50 da 50 a kan naira miliyan 4, ɗayan 50 da 75 a kan miliyan 5 da dubu 400. Wanda bai ga awo ba zai ruga wa na farkon, don ya fi araha a ido. Amma da an raba kuɗin da girman fili, na farkon ya kama naira 1,600 kowace murabba'in ƙafa, na biyun 1,440. Mai tsadar shi ne mai arahar.

Sai kuma ranar duba fili. Aka kafa turke, yaron dillali ya ja igiya: gaba ƙafa 50 daidai, tsawo 75 daidai. Da aka koma baya, sai ga katangar maƙwabci ta ɗan karkato, faɗin ya tsaya a 42. Matsakaicin faɗin ya zama 46 ke nan, girman filin ya sauko daga 3,750 zuwa 3,450. Ƙafa takwas ɗin nan da ido ba ya kamawa sun cinye murabba'in ƙafa 300, kuɗinsu naira dubu 432 a wancan farashin. Mai saye zai tsaya ya ce, "Alhaji, ai ba haka ka rubuta ba," kuma daga nan duk abin da dillalin ya faɗa sai an sake aunawa. Da ya rubuta "gaba 50, baya 42, tsawo 75" tun farko, wanda zai zo ya riga ya amince da hakan kafin ya hau babur.

Maganar wuri ma haka take. "Kusa da jami'a" na iya zama tafiyar minti biyar a ƙasa, yana iya zama kilomita uku cikin burji. Abin da ake so shi ne sunan unguwa, sai wata alama da kowa ya sani, kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare, sai nisan filin da kwalta. "Bakin titi" na wanda ƙofarsa za ta kalli titin ne. Na bayansa layi na biyu ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Ba dole a bayyana ainihin turken ba, don dillalai na tsoron a zagaye su a je wa mai fili kai tsaye, kuma tsoron nasu yana da dalili. Amma ɓoye turke daban, canza wa fili unguwa daban.

"Takardu cikakku" kuwa ita ce jimlar da ta fi jawo shari'a. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, wadda jama'a ke kira satifiket, galibi ta shekara 99 ce. Ana iya bincika sahihancinta a hukumar KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu abu ne daban. Filaye masu ɗimbin yawa da ita kaɗai ake cinikinsu, kuma ba abin kunya ba ne a rubuta hakan. Idan filin gado ne, a faɗa, a kuma faɗi ko an riga an raba.

Da an tace, tallan can na farko zai koma kamar haka: "Fili na sayarwa a Danbare, layi na uku daga titin Gwarzo. Gaba ƙafa 50, baya 42, tsawo 75. Awon igiya ne, takardar ciniki da ta mai unguwa. Mota na shiga, amma ruwa na kwanciya a bakin layin da damina. Naira miliyan 5, akwai ragi kaɗan." An rage farashin saboda gibin bayan. Batun ruwan kuma, wani dillalin zai ce tona wa kai asiri ne. Sai dai watan Agusta zai tona shi ko an so ko ba a so, kuma a fiƙihun Malikiyya aibin da aka ɓoye na ba mai saye damar mayar da kaya.

Gidan haya bai da wahala haka: ciki da falo ne ko ɗaki nawa, bene ne ko ƙasa, banɗaki na ciki ko na haɗaka, rijiya ko burtsatse, mitar wuta ta mutum ɗaya ko ta gida duka, sai kuɗin shekara.

Layin ƙarshe na tuntuɓa ne: sunan dillali, inda ofishinsa ko rumfarsa take, lamba ɗaya da ake ɗauka, da lokacin da ake kai mutane duba wuri. A nan ne ya kamata a ambaci la'ada, ko kashi biyar cikin ɗari ce kamar yadda aka saba a cinikin fili a wurare da yawa, da wanda zai biya ta. Ya kuma faɗi ko shi ke riƙe da filin kai tsaye daga mai shi. Fili ɗaya kan bi ta hannun dillalai huɗu, kowa ya ɗora nasa, har mai saye ya ga hoto guda da farashi uku a mako ɗaya. In an sayar, a goge tallan ko a rubuta "an sayar" a kansa, da kwanan wata.