Agogo biyu a kan ƙorafi ɗaya

A ce ranar Juma'a ce, ƙarfe 3:30 na yamma. Wata mai shago ta aika wa kamfanin da ya ba ta na'urar cirar kuɗi saƙo cewa an zare kuɗi daga asusun mai sayayya, amma ba su shigo nata ba. Saƙon na isa, manhajar bin diddigin ayyuka ta kamfanin ta buɗe masa tikiti, wato kati mai lamba da ke ɗauke da ƙorafin da sunan wanda aka ɗora wa alhakinsa. A daidai wannan lokacin agogo biyu suka fara tafiya.

Na farko yana ƙirga lokacin da za a ɗauka kafin wani ma'aikaci ya amsa mata. Na biyu kuma yana ƙirga lokacin da za a ɗauka kafin a warware matsalar. A manhajar Jira Service Management ta kamfanin Atlassian na ƙasar Ostareliya, sunayensu a kan allo Time to first response da Time to resolution. Alkawarin da ake auna su da shi kuwa masu sana'ar na kiransa SLA, yarjejeniya ce da ke fayyace wa'adin da kamfani ya ɗaukar wa abokan hulɗarsa. An raba agogon biyu ne don amsa sallama daban, biyan buƙatar baƙo daban.

Mu ɗauka kamfanin ya yi alkawarin amsawa cikin awa 2, da warwarewa cikin awa 12. Mai shago za ta zaci kafin ƙarfe 5:30 za ta ji daga gare su. Sai dai agogon yana bin kalandar aiki ne da aka saka masa, a nan Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Kafin a tashi ranar Juma'a ya ci awa ɗaya da rabi, sai ya tsaya cak har safiyar Litinin. Saura minti 30 ke nan, don haka wa'adin amsa zai cika ƙarfe 8:30 na safiyar Litinin. Na warwarewa kuma, in ka haɗa awa ɗaya da rabin Juma'a da awa 9 na Litinin, saura awa ɗaya da rabi, wato Talata ƙarfe 9:30 na safe.

Ranar Litinin ƙarfe 8:10 ma'aikaci ya rubuta mata: "Hajiya, barka da asuba. Don Allah a turo mana hoton rasidin." Da wannan saƙo agogon farko ya kammala aikinsa a kan awa 1 da minti 40, cikin wa'adi. Sannan ya mayar da matsayin tikitin zuwa Waiting for customer, ma'ana ana jiran mai ƙorafi, kuma an tsara cewa wannan matsayi yana dakatar da agogo na biyu. Hajiya na can kasuwa, ba ta turo hoton ba sai 2:10 na rana. Waɗannan awanni 6 ba a lissafa wa kamfani su ba, sai wa'adin ya matsa daga 9:30 na safiyar Talata zuwa 3:30 na yamma. Ƙarfe 11 na safiyar Talata kuɗi suka shiga, aka rufe tikiti.

A rahoton kamfani, an warware matsalar cikin awa 7 da rabi. A wurin Hajiya kuwa, awa 91 da rabi ta yi tana jiran kuɗinta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ya sa na dage ke nan cewa duk mai duba irin wannan rahoto ya fara tambayar abin da ke tayar da agogon, abin da ke dakatar da shi, da abin da ke tsayar da shi gaba ɗaya. Manhajar ma haka take tambayar mai saita ta, kuma daga amsarsa ne gaskiyar alƙaluman ko ruɗinsu ke fitowa.

Dakatarwar nan ita ce ƙofar da ɓarna ta fi shigowa. Adalci ne a daina ƙirga wa ma'aikaci lokacin da ba a hannunsa maganar take ba. Amma ma'aikacin da ya ga saura minti 10 wa'adi ya cika zai iya jefa wa mai ƙorafi tambayar da ba ta da amfani, kamar neman lambar wayar da tuni take cikin tikitin, don kawai ya tsayar da agogo. Ana gane wannan ta duba tarihin tikiti, inda ake rubuta kowane sauyin matsayi da lokacinsa. In ka ga tikitoci da yawa suna komawa matsayin jira gab da cikar wa'adi, to akwai lauje cikin naɗi. Akwai kuma kuskuren saiti da ba na ganganci ba: mai ƙorafi ya ba da amsa, amma ba a tsara tikitin ya koma Waiting for support da kansa ba, sai agogo ya ci gaba da barci alhali mutum na jira. Maganinsa ƙa'ida ɗaya ce da za ta sauya matsayin da zarar amsa ta shigo.

Agogon farko ma ana yaudararsa. In saƙon nan na "mun karɓi ƙorafinka" da na'ura ke turawa da kanta yana cikin abin da ke tsayar da shi, kowane tikiti zai nuna an amsa cikin daƙiƙoƙi, ko da babu ɗan Adam ɗin da ya karanta. Masu sana'ar suna da suna ga irin wannan rahoto, kankana suke ce masa, waje kore shar, ciki ja wur.

Sai batun sake buɗewa. An rufe tikiti, mai ƙorafi ya dawo ya ce matsala na nan. Dangane da saiti, agogo na iya soma sabon zagaye daga sifili. Shi ya sa a Jira ake da hanyoyin nema guda biyu:

```
"Time to resolution" = breached()
"Time to resolution" = everBreached()
```

Layin farko yana kawo tikitocin da zagayensu na baya-bayan nan ya wuce wa'adi. Na biyu yana kawo duk wanda ya taɓa wucewa a kowane zagaye. Shugaban da ya tsaya ga na farko kaɗai ba zai ga tikitin da ya makara, aka rufe, aka sake buɗewa, sannan aka rufe da wuri ba. A aikin yau da kullum kuma, na fi ganin amfanin jera tikitoci bisa lokacin da ya rage musu a kan ƙirga waɗanda suka riga suka makara, domin su ne ake iya ceta.

Kalandar kanta tana son kulawa, kuma a nan mu ma abin ya shafe mu. Ranakun hutu da hannu ake shigar da su. Hutun ƙaramar Sallah da babba ya danganta da ganin wata, gwamnati kan sanar da shi ana saura kwanaki kaɗan. In ba wanda ya tuna ya saka shi, ma'aikata za su dawo su tarar da tikitoci sun yi ja a ranakun da ofis ke kulle. Haka ofishin da ke rufewa don sallar Juma'a, gara a raba ranar gida biyu a kalandar. In kuma kamfanin ya san masu shaguna na ciniki Asabar da Lahadi, to ƙorafin kuɗin da suka maƙale ya cancanci nasa wa'adin daban, a kan kalandar da ke tafiya dare da rana, da ma'aikacin da zai zauna kansa a ƙarshen mako.